Ekstenshan ɗin da ke cusa maka talla a burauza: yadda ake kama shi, da yadda ake hana shi dawowa

Kawuna yana da ɗan shagon bizines senta a kusa da wata makaranta nan Kano, firintin da fotokwafi da cika wa ɗalibai fom a intanet, kuma laftof ɗaya ce ke ɗauke da rabin aikin shagon, tokumbo ce mai ram 4GB da Windows 10. Wata Asabar ya kira ni ya ce "ɗana zo ka duba min na'urar nan, ko dai fomatin za a yi mata ne, ta ishe ni." Da na je na tarar fanka tana ta ƙugi alhali shafi uku kacal aka buɗe a Chrome, ga tallan caca ya fito ɓaro-ɓaro a saman shafin rajistar makaranta wanda kowa ya san hukumar makarantar ba ta sa talla a kai, in ka rubuta abu a wajen bincike sai ka ga adireshin ya fara bi ta wani baƙon suna kafin ya sauke ka a wani shafin sakamako da ba shi ka saba ba, sannan can ƙasa gefen dama kusa da agogo wani ɗan akwati yana ta tasowa wai kwamfutar ta kamu da bairos a danna nan.

Ga mai shago duk wannan ciwo ɗaya ne, kwamfuta ta lalace. Amma da muka bi abin a hankali sai ya zama ciwo uku ne daban-daban, kowanne da ƙofar da ya shigo, kuma ɗaya ma ba ekstenshan ba ne sam. Dalilin da ya sa nake son in yi fashin baƙin abin ke nan, don danna Remove shi ne mafi sauƙi a duk aikin, yaro ma zai iya. Wahalar tana wajen gane wanne za ka cire, da gane waye ya sa shi, tunda in ba ka kama wanda ya sa shi ba gobe da safe za ka same shi zaune a inda ka cire shi.

Shi dai ekstenshan ɗan ƙaramin shiri ne da ake ƙara wa burauza don ta yi wani aikin da ba ta zo da shi ba, kamar toshe talla, ko fassara shafi, ko sauke bidiyo. Bambancinsa da shafin intanet shi ne, shafi yana zaune ne a ɗakinsa ba ya iya leƙa ɗakin wani, shafin labarai ba zai iya ganin abin da kake rubutawa a shafin banki ba. Ekstenshan kuwa a tsakar gidan yake, in ka ba shi izini duk ɗakin da ka shiga yana biye da kai. Izinin da ya fi kowanne girma shi ne wanda Chrome ke rubutawa haka lokacin instolin: "Read and change all your data on all websites", ma'ana ya karanta kuma ya canza duk abin da ke kan kowane shafi ka buɗe. To kalmar canzawar nan ita ce tushen tallan. Shafin makarantar yana zuwa daga sabarsu lafiya lau ba talla, sai bayan ya iso cikin burauzarka ekstenshan ɗin ya ɗora nasa kayan a kai, shi ya sa in ɗalibi ya buɗe shafin a wayarsa ba zai ga komai ba, a laftof ɗin kawu kaɗai ake gani. Wanda ya rubuta ekstenshan ɗin kuma ana biyansa ne a kan kowane tallan da aka gani ko aka danna, da kowane binciken da ya karkatar ta hanyarsa, da datarka da ram ɗinka yake wannan kasuwancin.

Gwajin farko da na yi bai kai minti biyu ba. Na danna Ctrl+Shift+N tagar Incognito ta buɗe, na shiga shafin makarantar nan dai, babu tallan caca, shafin kuma ya buɗe da saurinsa. Dalili kuwa Chrome ba ya barin ekstenshan su yi aiki a Incognito sai wanda aka kunna wa "Allow in Incognito" da hannu. Saboda haka in talla ya ɓace a can, kusan ka tabbata daga ekstenshan yake. In kuma bai ɓace ba, to ko dai shafin ne da kansa mai talla, ko an ba wani ekstenshan ɗin izinin shiga Incognito, ko kuma abin yana cikin Windows ɗin ne ya wuce burauza. Wani ƙarin gwajin shi ne ka buɗe shafin a Edge da ke kan kwamfutar, in a can ma tallan iri ɗaya ya biyo ka to ka fara zargin wani shiri da aka yi instolin a kwamfutar kanta.

Amma ɗan akwatin nan na gefen agogo bai daina tasowa ba, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata lokaci suna ta cire ekstenshan ɗin da ba ruwansu. Wannan notifikeshan ne. Akwai shafukan sauke fim da waƙa da suke ce maka ka danna Allow don tabbatar da kai mutum ne ko don daunlodin ya fara, alhali Allow ɗin nan izini ne na su riƙa turo maka saƙo ko da ka rufe shafinsu. In ka lura da kyau a jikin akwatin za ka ga sunan shafin da ya turo shi da ƙananan baƙaƙe. Maganinsa ka rubuta chrome://settings/content/notifications a wajen adireshi, ka gangara jerin waɗanda aka ba izini, duk sunan da ba ka sani ba ka danna ɗigo ukun da ke gefensa ka zaɓi Block. Na fi son Block a kan Remove a wannan wajen, don in ka yi Remove shafin zai iya sake tambaya yaron shago kuma ya sake danna Allow, in ka toshe kuwa bakinsa ya rufu. A laftof ɗin kawu shafuka biyar muka toshe, akwatin bai ƙara fitowa ba, ciwo ɗaya ya tafi ke nan ba mu taɓa ko ekstenshan ɗaya ba.

Daga nan na rubuta chrome://extensions. Masu Edge su rubuta edge://extensions, masu Firefox kuma about:addons. Kar ka dogara da ƴan hotunan da ke saman burauza gefen adireshi, waɗanda aka maƙala ne kawai ke fitowa a wajen, cikakken jerin yana wannan shafin. Guda tara muka gani. Na juya na tambayi kawu, "Kawu wanne ka sani a cikin nan?" ya ce shi dai ya san na daunlodin da na toshe talla, sauran bai taɓa ganinsu ba. Yaron shagon ya ce shi ya sa na mayar da hoto zuwa PDF saboda fom ɗin ɗalibai, da wani na VPN kyauta da wani kwastoma ya ce masa yana da kyau, sauran shi ma bai san daga ina suke ba.

Suna ba ya gaya maka komai, wannan ina so a riƙe shi da kyau. Mugun ekstenshan ba ya zuwa da mugun suna, sunayensu irin su mai taimakon bincike, mai saurin PDF, mai kare burauza, wani ma yana aron suna da hoton wani sanannen ekstenshan ne sak. Abin da ake dubawa shi ne a danna Details a ƙarƙashin kowanne, a karanta Permissions da Site access, sannan mutum ya tambayi kansa, aikin da wannan abin ya ce yana yi yana buƙatar wannan izinin? Mai toshe talla dole ya ga kowane shafi, tunda aikinsa ke nan, ba zai cire talla a shafin da ba ya gani ba, don haka izini mai faɗi a wajensa ba abin mamaki ba ne. Amma mai mayar da hoto PDF me ya kai shi karanta duk shafukan da ka shiga, me ya haɗa shi da tarihin yawonka a intanet? In kuma ka ga izini irin "Change your search settings to" ko "Replace the page you see when opening a new tab" a jikin abin da ba don haka ka sa shi ba, ka kama mai karkatar da bincike. Can ƙasan shafin Details ɗin kuma akwai Source da ke nuna daga ina ya zo, da mahaɗin da zai kai ka shafinsa a Chrome Web Store. Ina yawan danna mahaɗin nan, in ya buɗe sai in je wajen ra'ayoyin masu amfani in duba na baya-bayan nan, ba yawan taurari ba, don taurari na iya zama na shekarun baya lokacin da abin yake lafiya. In kuma shafin ya nuna babu shi an cire, to wannan ma amsa ce.

Na ce lokacin da abin yake lafiya ne saboda ekstenshan yana iya lalacewa a hannunka ba ka yi komai ba. Suna sabunta kansu ne a ɓoye ba tambaya, kuma masu rubuta su suna sayar da su kamar yadda ake sayar da shago da kwastomominsa. Misalin da ya fi shahara shi ne The Great Suspender, wani ekstenshan da mutane sama da miliyan biyu suke amfani da shi, aikinsa ma rage cin ram ne, yana kwantar da shafukan da ba ka duba. A tsakiyar 2020 mai shi ya sayar da shi ga wani da ba a bayyana ba, sabon mai shi ya cusa abin da ke ɗauko umarni daga wata saba ta waje, a watan Fabrairun 2021 Google ta cire shi daga kasuwarta ta kuma kashe shi a burauzar mutane. Waɗanda suka sa shi tun farko ba su yi kuskure ba, abu mai kyau suka sa, daga baya ya juya. Chrome yana tsayar da ekstenshan ya tambaye ka ne idan sabuntawar ta nemi ƙarin izini, to wanda tun ranar farko ka ba shi izinin komai ba shi da sauran abin da zai nema, sai dai ya canza hali shiru. Shi ya sa maganar "ai na daɗe da shi bai taɓa ba ni matsala ba" ba ta wanke ekstenshan a wajena.

Sai maganar nauyi. Chrome yana da nasa Task Manager daban da na Windows, Shift+Esc ke buɗe shi, za ka ga kowane shafi da layinsa, ekstenshan kuma layinsu yana farawa da "Extension:", ga Memory footprint ga CPU ga Network. Ka danna kan CPU ya jera su daga mai yawa, ka cire hannunka daga maus ka zuba ido kamar minti ɗaya. Ekstenshan na ƙwarai in ba ka taɓa komai CPU ɗinsa sifili yake zama ko kusa da haka, Network ma sifili. Na VPN ɗin nan a laftof ɗin kawu yana ta motsi a Network alhali ba wanda ya kunna shi, wato yana aika wani abu ko yana karɓa, da datar shago. Sai dai wannan ma'aunin yana da iyaka kuma gara in faɗe ta, don kar wani ya duba ya ga layukan Extension duk shiru ya ce an wanke su. Mai cusa talla yawancin aikinsa a cikin shafin da ka buɗe yake yinsa, don haka nauyin a layin shafin zai fito, sai ka ga shafi mai rubutu zalla yana cin ram kamar shafin bidiyo, ka ɗora laifin a kan shafin. Wasu kuma suna kwanciya in ba su da aiki, layinsu ma ba zai fito ba a lokacin da kake dubawa. A kwamfuta mai ram 4GB da Windows ya riga ya kwashe kaso mai tsoka, ɗan wannan ƙarin ya isa ya sa ta fara jingina da hadis ɗin da ke ajiye fayil-fayil, daga nan komai sai ya koma tafiyar hawainiya.

To tunda Task Manager bai nuna mana mai tallan caca ba, sai na koma hanyar raba biyu. A cikin taran nan akwai ɗaya da makunninsa ya yi toka-toka ba ya kashuwa, na ajiye shi gefe tukuna, saura takwas. Na kashe huɗu na bar huɗu, kashewa kawai da makunnin ba cirewa ba, na sake lodin shafin makarantar, talla yana nan, ke nan mai laifin yana cikin huɗun da ke kunne. Na kashe biyu a cikinsu, talla ya ɓace, ke nan yana cikin biyun da na kashe yanzu. Na kunna ɗaya a ciki, talla ya dawo. Zagaye uku kacal, kuma na PDF ɗin ne. Da ɗai-ɗai na bi da sai in yi gwaji har takwas. Abin lura biyu ne a wannan hanyar, dole ka sake lodin shafin bayan kowane kashewa, ko ma ka rufe shi ka buɗe sabo, don abin da aka riga aka cusa a shafin da ke buɗe ba ya fita da kansa, sannan ka gwada da shafi biyu ko uku tunda wasu ba kowane lokaci suke nuna tallan ba, suna tsallakewa don kar a gane su. In kuma ka ga kowane rabi ka kashe tallan yana nan, to masu laifin sun fi ɗaya, sai ka kashe duka ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya.

Na PDF muka danna masa Remove, akwai ɗan akwatin kai ƙara da ke fitowa a wajen cirewar na sa masa alama. Na VPN ma ya bi shi, da wasu uku da ba wanda ya san su kuma ba wanda ke amfani da su. Ni dai ra'ayina kashewa ba ta wadatar ga abin da ba ka yarda da shi ba, ka cire shi kawai, in ya zama kana buƙatarsa sake sa shi ba ya cin minti ɗaya. Yaron shagon ya ce to PDF ɗin fa yaya zai yi, na nuna masa Ctrl+P ya zaɓi Save as PDF, abin da yake nema yana cikin burauzar tun asali.

Saura na tara, mai makunni toka-toka, ba shi da maɓallin Remove, kuma shi ne mai karkatar da bincike. Da na danna ɗigo ukun saman Chrome na gangara ƙasan menu sai ga rubutu "Managed by your organization". Kawu ya ce "wace ƙungiya kuma, ni da kuɗina na sayi abata." Abin da ke faruwa shi ne Chrome yana da wata ƙofa da aka yi domin ofisoshi da makarantu, inda mai kula da kwamfutocin ma'aikata zai iya kafa doka ya tilasta wani ekstenshan a kan kowace na'ura yadda ma'aikaci ba zai iya cirewa ba. A Windows dokar tana zama ne a rejistiri, wato rumbun da Windows ke ajiye saituttukansa, kuma duk shirin da ka ba izinin admin lokacin instolin, wato ka danna Yes ɗin nan da ke fitowa, zai iya rubuta irin wannan dokar ya mayar da kansa shugaban burauzarka. Na rubuta chrome://policy, sai ga ExtensionInstallForcelist, a gabansa wasu haruffa 32 a jere. Na koma chrome://extensions na kunna Developer mode a sama gefen dama don ID ɗin kowane ekstenshan ya fito, haruffan suka yi daidai da na mai taurin kan nan.

Kafin kowa ya taɓa rejistiri, in laftof ɗin ta wajen aiki ce ko ta makaranta, wannan rubutun na Managed daidai ne, kar ka goge komai, ka kai wa mai kula da kwamfutocinku. Wani lokacin ma antibairos ɗin da ka sa da kanka ne ke kafa doka, don haka a karanta abin da ke cikin chrome://policy tukuna a ga ko ID ɗin na waye. In taka ce ta kanka kuma ka tabbata, ka rufe Chrome, ka buɗe Command Prompt ta hanyar Run as administrator, ka fara dubawa da ajiye kwafi:

```
reg query "HKLM\SOFTWARE\Policies\Google\Chrome" /s
reg export "HKLM\SOFTWARE\Policies\Google\Chrome" "%USERPROFILE%\Desktop\chrome-policy.reg"
```

Layin farko nunawa kawai yake, na biyu kuma yana ajiye kwafin dokokin a kan Desktop don in an yi kuskure a mayar. In ka ga ID ɗin nan a ciki sai ka goge jerin tilastawar:

```
reg delete "HKLM\SOFTWARE\Policies\Google\Chrome\ExtensionInstallForcelist" /f
```

In bai samu komai a HKLM ba ka maimaita da HKCU a madadinsa, don dokar tana iya zama a can. Na Edge kuma hanyar ita ce Policies\Microsoft\Edge. Da muka sake buɗe Chrome ekstenshan ɗin ya tafi da kansa, tunda dokar da ke riƙe da shi ta faɗi.

Muka yi ristatin ɗin laftof ɗin, muna zaune muna shan shayi, ba a yi rabin awa ba yaron ya ce "Yaya ga shi fa ya dawo." Dama na yi tsammanin haka, don doka ba ta rubuta kanta, akwai mai rubuta ta kuma yana nan a cikin Windows. Na danna Windows+R na rubuta appwiz.cpl, jerin duk abin da aka yi instolin ya fito, na danna kan Installed On don su jeru da kwanan wata. Na tambayi kawu yaushe abin ya fara, ya ce kamar sati uku, bayan an kawo wani shirin gyaran hoto a filashi wanda aka ce an fasa shi ba sai an biya ba. A daidai wannan ranar kuwa akwai abu biyu da suka shiga tare da shi, sunayensu ba ma'ana, wajen Publisher kuma fayau. Muka cire su. Sannan na buɗe taskschd.msc, wato wajen da Windows ke ajiye ayyukan da za su riƙa tashi da kansu a kan lokaci, na bi Task Scheduler Library ɗaya-ɗaya ina duba Triggers da Actions. A nan na same shi, sunansa kamar na sabunta burauza, an saita shi ya tashi duk lokacin da aka shiga kwamfuta ya kuma riƙa maimaitawa, amma abin da yake kira powershell ne da wani fayil a cikin AppData. Ayyukan sabuntawa na gaskiya na Google da Microsoft in ka duba Actions ɗinsu fayil ɗin sabuntawar kamfanin suke kira kai tsaye, a cikin folda mai sunan kamfanin, ba wani dogon umarni mai haruffa a cakuɗe ba. Wanda ba ka tabbata da shi ba ka yi masa Disable maimakon Delete, ka ga abin da zai faru. Wannan kam na tabbata, na goge shi, na bi hanyar fayil ɗin na goge foldar, na sake goge dokar rejistirin, muka yi ristatin sau biyu bai dawo ba. Wannan salon ba sabo ba ne, a 2022 masu binciken tsaro sun yi ta rubutu a kan wani da ake kira ChromeLoader da ke zuwa cikin fasassun wasanni da manhajoji, ya kafa aiki a Task Scheduler ya riƙa ɗora ekstenshan ɗinsa a burauza. Irinsa a da yakan bi ta wata ƙofar ma, ya tashi Chrome da ƙarin umarni, don haka ba laifi ka danna dama a kan hoton Chrome na Desktop ka shiga Properties ka duba Target, bayan chrome.exe in ka ga wani abu kamar --load-extension ko wani adireshin shafi ka share shi.

Bayan haka na bi da AdwCleaner na Malwarebytes, kyauta ne kuma don irin wannan tarkacen tallan aka yi shi, daga shafin kamfanin kawai za ka sauke shi, sannan cikakken sikanin na Windows Security. Wasu za su ce me ya sa ba a yi Reset settings tun farko a huta ba. Reset ɗin yana da amfani, yana mayar da injin bincike da shafin farko yadda suke, ba ya taɓa bukmak da fasuwod ɗin da ka ajiye, amma ekstenshan kashe su kawai yake ba ya cire su, dokar rejistiri da aikin Task Scheduler kuwa ko kallonsu ba ya yi. Don haka a ƙarshe na yi shi, a chrome://settings/reset, bayan an tumɓuke saiwar.

Fomatin da kawu ya so a yi fa, zai kashe mai taurin kan tabbas, amma na PDF da na VPN da sun dawo, don Chrome ɗin shagon yana haɗe da akawun ɗin Google na kawu kuma Sync, wato abin da ke kwafe kayan burauzarka zuwa akawun ɗinka, a kunne yake, ekstenshan ɗin da aka sa daga Chrome Web Store suna cikin abin da Sync ke ɗauka, da zarar ya sake shiga akawun ɗinsa a sabon Windows za su sauko ɗaya bayan ɗaya. Haka ma in ka je kafe ka shiga Chrome ɗinsu da akawun ɗinka ka amince da Sync, abin da ke kan waccan burauzar zai iya biyo ka gida. Alherin abin shi ne cirewar ma tana bin Sync ɗin, in ka cire kana haɗe da intanet za ta fita a sauran kwamfutocinka. A waya kuwa Chrome na Android ba ya ɗaukar ekstenshan, in talla na damunka a can ka nemi notifikeshan ko wata manhajar da ka sauke.

Abin da ya fi tsaya min a rai a ranar ba nauyin kwamfutar ba ne. Sati uku abu mai izinin karanta kowane shafi yana zaune a laftof ɗin da ake shigar da lambar NIN ɗin ɗalibai da imel ɗinsu da fasuwod ɗinsu, kawu ma a nan yake buɗe imel ɗinsa da Facebook. Ekstenshan ba ya iya buɗe ma'ajiyar fasuwod ta Chrome kai tsaye, amma da zarar fasuwod ya shiga akwatin shafi, ko kai ka rubuta ko burauzar ce ta cika maka, yana iya ganinsa, kuma mai izinin kukis, wato ƴan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza don ya tuna da kai, yana iya ɗaukar shaidar shigarka akawun ya yi amfani da ita ba tare da fasuwod ba. Saboda haka na sa kawu ya canza fasuwod ɗin Gmail da na Facebook daga wayarsa, imel ɗin muka fara tunda ta nan ake dawo da sauran akawun, ya shiga sashen Security na akawun ɗin Google ya fitar da duk na'urar da bai gane ba, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ɗaliban da suka saba zuwa kuma aka ce a gaya musu su canza nasu.

Guda uku suka rage a laftof ɗin. Mai toshe talla na bar masa izininsa yadda yake tunda aikinsa na buƙata, sauran biyun kuma na shiga Details ɗinsu na mayar da Site access daga On all sites zuwa On click, yadda ba za su ga shafi ba sai an danna hotonsu. Sannan na buɗe wa yaron shagon akawun na daban a Windows wanda ba na admin ba, fasuwod ɗin admin yana wajen kawu, duk wanda ya zo da shiri a filashi sai an kira shi ya gani kafin a danna Yes.